Giga Goma Sha Biyu a Zauren Baba

Cikinmu takwas da Baba ya haifa, ni aka ɗora wa datar wayarsa. Ba wani taro aka yi ba. Yayanmu ya ɗauki magani, ƙanena ya ɗauki kuɗin wuta, ni kuma da yake lissafi nake koyarwa a sakandare sai aka ce ai harkar waya sai mai lissafi. Na karɓa ba musu, don a lokacin abin bai taka kara ya karya ba. Baba giga huɗu yake ci a wata. Akwai wata abokiyar aikina da ke sayar da data ta waya, giga ɗaya naira ɗari biyar, in ta ƙare ya kira ni in tura mata kuɗi, ta tura masa. Dubu biyu a wata, kowa ya huta.

Baba malamin gado ne a unguwarmu, can ciki wajen Ƙofar Jatau. Ina nufin shi ake ɗaukowa in mutum ya rasu ya bar gida ɗaya da 'ya'ya goma sha tara, ya zauna ya fitar wa kowa da rabonsa har kwabo, a watse kowa na jin haushinsa daidai wa daida. Muna yara zaurenmu ba ya rabo da mutane. Mu mata ba ma tsayawa a ciki, sai dai ki tuɓe takalmi ki riƙe a hannu, ki rusuna ki wuce da sauri kamar kin sato wani abu. Na girma ban san kalar bangon zauren nan ba, tabarmi da ƙafafun dattijai kawai na sani.

Sai gwiwa ta kama shi. Masallaci da ke ƙofar gida ma sai da sanda, balle majalisa. Abokansa kuwa a hankali suka zare jiki suka koma bakin shagon wani mai cajin waya a bakin titi, inda akwai inuwa da benci da wutar sola. Ba faɗa aka yi ba. Sukan leƙo su ce yaya ƙafa, su yi addu'a a tsaye, su wuce. Duk sanda na zo daga Gyallesu bayan an tashi makaranta, sai in tarar da shi shi kaɗai yana kallon ƙofa, in ya ga ni ce sai ya ce, "Au, ke ce." Abin yana ci mini rai, amma ban san me zan yi a kai ba, don ba a sayen abokai a kasuwa, ko kuwa haka na ɗauka.

Wata ranar Asabar ya ce in zauna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, kuma in ya ja kalmar da tsawo na san kuɗi zan kashe.

"Uwaata, an ce akwai wata babbar data."

"Akwai, Baba."

"Giga ashirin, naira dubu shida. Giga ɗaya ya tashi a ɗari uku ke nan. Ke kuma kina saye ɗari biyar kamar marainiya. Mu a gidan nan ba mu saba awo da gwangwani ba, buhu muke saukewa."

Ni kuwa dama abin da nake jira ke nan tun ina aji uku, ranar da zan koya wa Baba lissafi. Na zaro biro da takarda daga jaka, na gyara zama. Na ce ɗari ukun nan da yake faɗa gaskiya ne, amma sai in ya cinye ashirin ɗin tas. Babbar kwana talatin take yi, abin da ya rage ranar talatin ya tafi ke nan, ba a mayar da canji, ba a ɗaga wa mutum zuwa wata mai zuwa. Shi kuma huɗu yake ci. In ya biya dubu shida ya ci huɗu, kowane giga ya tsaya masa a dubu ɗaya da ɗari biyar, sauran goma sha shida kuma ya yi wa kamfani sadaka, kamfanin da ko Fatiha ba zai yi masa ba.

"To," in ji shi.

Na ce abin da za mu nema shi ne inda biyun suke haɗuwa. Ƙarama tana hawa da ɗari biyar duk giga, babba tana tsaye cak a dubu shida. Na rubuta harafin da muke sa wa abin da ba a sani ba, na ja layi, ina shirin raba wannan da wancan, ban ma ɗaga biro ba ya ce,

"Sha biyu."

Na ɗago kai.

"Ɗari biyar sau nawa ke cikin dubu shida? Sha biyu. A sha biyu kunnen doki suke. Ƙasa da haka taki ta fi sauƙi, sama da haka tawa ta fi. Wannan ne kike ta zane a kai kamar za ki raba gona?"

Na mayar da biro cikin jaka. Shekara huɗu na yi a jami'a, ga shi an kayar da ni a kan buzu. Amma ban bari ya ga haka ba. Na ce to madalla, tunda mun yarda a kan sha biyu, magana ta ƙare, shi ɗan huɗu ne.

"Wa ya auna?" ya ce. "Ba a yanke hukunci sai da shaida. A ba ni wata guda. Ki ci gaba da sayen ƙananan naki, a ƙirga. In na tsaya ƙasa da sha biyu, na bi ki. In na haura, ki sayi babba, kuma ki ci gaba da sayenta."

Na yarda har da dariya. Da ina da wayo da na tuna cewa mutumin nan shekara arba'in ya yi yana zama tsakanin magada, ba a taɓa jin ya shiga sharaɗin da bai ga ƙarshensa ba.

Kwana biyu da yin haka ina tsakiyar aji waya ta yi ƙara. "Uwata, ta ƙare." Na tura. Bayan kwana biyu, ta ƙare. Ina cikin taron malamai, ta ƙare. Ina gidan suna, amaryar jego na miƙo mini jariri, ta ƙare. Abokiyar aikina mai sayar da datar ta fara gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba, har tana tambayata yaya jikin Baba, Allah ya ƙara masa nisan kwana. Ran kwana ashirin da huɗu na tura na goma sha biyu. Da wata ya cika na ƙirga saƙonnin, goma sha biyar cif, naira dubu bakwai da ɗari biyar. Da babbar na saya tun farko da na tsira da dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba yadda zan yi, lissafin nawa ne, sharaɗin da bakina na amsa shi. Na sayi babba.

Amma abin ya tsaya mini a wuya. Me dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yake kallo na giga goma sha biyar? Na tambayi Inna a kicin, ta ce ita ina ta sani, tunda aka kawo wayar nan ko tuwo sai ya huce yake ci, wataƙila dambe yake kallo, don tana jiyo ihu daga zaure. Ta ƙara da cewa kwanan nan shayin la'asar ya koma fulas biyu, sukarinta na tafiya kamar ana kwasa da cokalin miya. Na ji maganar fulas biyun, har na ji daɗi a raina cewa an fara leƙo shi, amma ban haɗa ta da komai ba. Ni da nake cin yara tarar rashin karanta tambaya har ƙarshe.

Ranar da na gano, da azahar na zo. Baba ya dogara sanda ya shiga ciki alwala, ya bar wayar a kan buzu. Na san ba kyau. Na ɗauka duk da haka, na shiga wurin da waya ke nuna abin da kowane abu ya ci. Saƙonni da kiran jikoki, giga uku. Bidiyon karatu, ɗaya. Huɗunsa na nan yadda na san su, bai ƙara ko loma ba. Sai a ƙasa na ga hosfot, wato abin nan da ake kunnawa waya ta raba datarta ga wayoyin da ke kusa, giga goma sha ɗaya. Na buɗe jerin wayoyin da suka taɓa shiga, guda biyar.

Na ajiye wayar, na shige ciki, na ƙi tafiya gida. Bayan la'asar na laɓe a soro na biyu, inda muke laɓewa muna yara, na leƙa ta jikin asabari. Ga su nan reras. Tsohon hedimasta, da ladan, da mai ɗinkin hula, da wani da ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, da wasu biyu. Kusan kowa da waya a hannu ya nisanta ta da fuska kamar mai duba kuɗin jabu. Ladan na kallon yadda ake kiwon kifi a roba. Hedimasta na karanta musu labarin siyasa da ƙarfi ba wanda ya sa shi. Baba na tsakiya, ya miƙe ƙafar mai ciwo, yana ƙaryata kowa. Rabon da in ji muryarsa ta kai haka tun kafin gwiwa.

A nan na ga wata dabara da ta ba ni dariya duk da haushin da nake ciki. Hosfot ba ya nisa, 'yan taku ne, bangon ƙasa irin namu mai kauri kuwa yana cinye shi. Da mai hula ya ce zafi ya yi yawa zai koma dakalin waje, sai na ga Baba ya sa hannu a hankali ya tura wayar can lungun bayansa, ƙarƙashin littattafai. Ba a yi minti biyu ba mai hula ya dawo yana cewa abin ya ɗauke. Baba ya ce ikon Allah, ai sabis ɗin nan ya fi son cikin zaure.

Da a nan na tsaya na koma gida da dariyata, da an zauna lafiya. Amma ina da zuciya, kuma an ci ni da magudi a fagen da nake taƙama da shi. Na jira aka yi sallama za a tafi shirin magariba, suka fita, na faɗo zauren ko takalmi ban tuɓe ba.

"Baba, wannan ba gwaji ba ne, coge ne. Huɗu ka ci. Sha ɗayan na mutanen gari ne."

"Sharaɗin ya ce wayata ta haura sha biyu," ya ce. "Ta haura ko ba ta haura ba?"

"Ni datarka na ɗauka, ban ɗauki ta unguwa ba! Mutane da fanshonsu da 'ya'yansu, su zo su tare a nan suna shan shayin Inna suna shan datata kamar 'yan cin arziki? Wanda bai iya sayen giga ɗaya ba ya ajiye wayar mana!"

Ba ni yake kallo ba. Ƙofa yake kallo. Na juya, sai na ga inuwar mutane a bakin dakali, ashe ba su yi nisa ba, takalma suke nema. Na ji hedimasta ya yi gyaran murya, sannan na ji tafiyarsu. A lokacin ban ji komai ba sai daɗin gaskiyata. Na ɗauki wayar na kashe hosfot, na ce in wannan ta ƙare mun koma ƙarama, na yi masa sai da safe na tafi.

Kwana goma ban je ba, shi ma bai kira ba. Ranar da na koma, bayan la'asar ne. An share zauren, an shimfiɗa tabarmi uku, ga fulas ga kofuna a kife a kan faranti. Shi kaɗai ne. Wannan karon na tuɓe takalmi. Na gaishe shi, ya amsa kamar ba abin da ya faru, har ya tambayi yara. Sai na ce ai ya iya kunna hosfot ɗin da kansa, tunda akwai sauran data.

"Na kunna," ya ce. "Tun washegari."

Ya nuna mini tabarma.

"Zauna, Uwata, mu ƙarasa lissafin nan, don rabinsa kika yi. Ni kaɗai, dubu biyu. Da babba, dubu shida. Bambanci?"

"Dubu huɗu."

"Mutum shida ne, kwana talatin. Zama ɗari da tamanin ke nan. Raba."

Na raba a kai. "Naira ashirin da biyu da 'yan kai."

"To faɗa mini abin da zai taso dattijo daga bencin bakin titi ya kawo shi lungun nan ya zauna da gurgu awa biyu a kan naira ashirin da biyu. Goro ɗaya ma ya fi haka."

Na ce, a hankali, ai don data suke zuwa, Baba.

"Na sani. Kin ɗauka ban sani ba? A da don karatu suke zuwa, da na daina bayarwa suka koma zuwa don shayi, da shagon can ya samu inuwa da wuta suka tafi. Ni ma sanda nake da ƙafa, gidan da ake dama fura mai kyau na fi yawan kai ziyara. Mutum yana son ɗan dalilin da zai riƙe a hannu in zai shiga gidan wani. In ya zauna kuma, hirar ta gaske ce."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na zaro waya na ce yanzu zan sabunta babbar, kuma kowane wata ita zan riƙa saye. Na ɗauka zai ji daɗi. Ya bari na gama danne-dannena, saƙo ya shigo wayarsa, ko dubawa bai yi ba.

"Allah ya yi albarka. Amma ba data ce ta hana su zuwa ba. Kwana goma tana kunne."

Na gane abin da yake nufi, na kuma yi kamar ban gane ba. Na ce ko in aika a faɗa musu. Ya ce ba aike ne ya kore su ba.

Daga gidanmu zuwa shagon mai caji ba nisa, amma ban taɓa jin tsawon lungun nan kamar ranar ba. Mace da aurenta da 'ya'yanta, malamar makaranta, ta je ta tsaya a gaban majalisar maza a bakin titi, a unguwar da aka san kakan kakanta. Suna kan benci su shida. Da suka hango ni hira ta mutu, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Na tuɓe takalmi a kan ƙasar titi, masu babur na wucewa suna kallo, na durƙusa har ƙasa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na ce na yi magana irin ta marar kunya, ni 'yarsu ce, su yafe mini.

Hedimasta ya ɗauki lokaci yana goge tabarau. Ya ce shi dai da fanshonsa, ko da yake wata uku ba a biya ba. Ladan ya ce shi kifin nan ma ya fasa kiwonsa. Ba wanda ya motsa, ni kuma gwiwata ta fara gaya mini abin da Baba ke ji.

Sai na can ƙarshen benci ya tashi, wani siririn tsoho da ban taɓa jin muryarsa ba, sai daga baya Inna ta gaya mini tare suka yi karatun allo da Baba. Yana kakkaɓe riga wayarsa ta faɗo daga aljihu, mai caji ya tsinta ya miƙa masa. 'Yar ƙarama ce mai madannai da tocila, an ɗaure bayanta da kyauro, irin wadda ko an kwana ana kunna mata hosfot ba ta san ana yi ba.

"Tashi, 'yata, ƙasa da zafi," ya ce. "Ni kullum sai na zo bakin lungun nan in tsaya, in ga ba takalmi a ƙofar zaure, in juya. Kunya nake ji in shiga ni kaɗai a ce me ya kawo ni. Ya ci abinci kuwa yau?"

Na buɗe baki, sai na tuna ban tambaya ba.